Tambayoyin wata Hajiya kafin ta ba da kafin alƙalami

Shekara ta huɗu ke nan ina aiki a wani ƙaramin ofishin dillancin filaye a Kano, kuma tun farko aikina shi ne riƙe wayar ofis, duk mai son fili ni zai fara samu. Yawancin masu saye tambayarsu ba ta wuce uku, nawa ne, a ina yake, babu dai matsala ko? Ni kuma in ce babu matsala ranka ya daɗe, don abin da mai filin ya gaya mana ke nan. Allah ya yafe mini, na faɗi wannan kalmar sau ba adadi ban taɓa ganin ko takarda ɗaya ba.

Wata Hajiya ce ta gyara mini zama. Ma'aikaciyar asibiti ce a Saudiyya, ta ga hoton wani fili da muka saka, ƙafa 100 da 50, awon gwamnati, an yi masa kuɗi naira miliyan 8. Mai filin yana neman kafin alƙalami miliyan 2 cikin sati ɗaya wai akwai wani da ya taya. Da na gaya mata haka sai ta ce toh ƙanena, zan turo maka tambayoyi, amma don Allah kar ka amsa min da baki, kowacce ka amsa da hoto ko da lamba. A raina na ce wannan matar fa akwai fi'ili. Sai daga baya na gane duk tambayar da ake iya amsa ta da "wallahi lafiya lau" ba ta kare kuɗin kowa, tambayar da take aiki ita ce wadda amsarta za ka iya ɗauka ka kai wani wajen da mai filin ba shi da iko a gwada ta.

Ta farko, wace takarda filin yake da ita, sunan wa ke jiki, kuma mene ne lambar fayil. Mutane suna haɗa takardun waje ɗaya su ce "yana da takarda", alhali takardar ciniki da mai unguwa ko dagaci ya sa wa hannu daban, takardar da gwamnati ke bayarwa lokacin da ta yanka maka fili daban, satifiket na mallaka wanda ake ce wa si-of-o shi ma daban. Tun dokar amfani da ƙasa ta 1978 ƙasar kowace jiha tana hannun gwamna ne a matsayin amana, abin da kake saye haƙƙin zama ne, na gidan zama galibi shekara 99, kuma sashe na 22 ya ce ba a mayar da wannan haƙƙin ga wani ko a jinginar da shi sai da amincewar gwamna. Takardar mai unguwa tana da amfaninta, shaida ce cewa an yi ciniki a gaban mutane, amma ba ta gaya maka ko gwamnati ta riga ta karɓe wajen ta biya diyya.

Na kira mai filin, ya turo hoton satifiket. Lambar fayil ta fito sarai, amma sunan da ke jiki ba nasa ba ne. Na tambaye shi ya ce ai na Baba ne, Allah ya yi masa rasuwa shekara uku da suka wuce, ni ne babba, ni nake kula da komai. Ni dai a lokacin wannan amsar ta ishe ni, don kullum muna jin irinta. Na tura wa Hajiya, ko minti biyar ba a yi ba ta dawo da wata, su nawa ne magadan, an raba gadon ko ba a raba ba, in an raba ina takardar kotu da ta nuna filin ya faɗo a rabonsa.

Ashe ba a raba ba. Marigayin ya bar mata ɗaya, maza biyu, 'ya'ya mata uku, iyayensa sun riga shi rasuwa. Ogana ya ɗauki biro ya yi min lissafin a bayan wata tsohuwar rasit, ya ce yaro duba nan. Matar tana da tumuni, wato kashi ɗaya cikin takwas. Sauran bakwai ɗin na 'ya'ya ne, namiji rabon mace biyu, to kowace 'ya mace ɗaya cikin takwas, kowane namiji biyu cikin takwas. Ke nan wannan da yake ce mana "filina" rubu'in filin kawai yake da shi, in aka sayar miliyan 8 nasa miliyan 2 ne, daidai kuɗin da yake neman a ba shi kafin alƙalami. Sauran miliyan 6 na mutum biyar ne da ba mu ji ta bakin ko ɗaya ba. Kuma irin wannan ba a ranar ciniki yake fashewa ba, sai ka zuba fandisho ka kai linta, sai ga sammaci daga ƙanwar da take aure a Gusau wadda ba wanda ya kira ta. Ba lallai ma mutumin yana da niyyar cuta ba, a gida da yawa babban wa gani yake in ya yi magana an gama.

Tambayar da ta fi ba ni mamaki ita ce ta gaba. Ta ce wannan hoton da ka turo min na kwafi ne, ga baƙin layin inji a gefe, ina asalin satifiket ɗin yake a yau, a hannun wa, kuma za a iya kawo shi ofis ka taɓa shi da hannunka? Ni ban ma lura ba. Mai filin ya fara cewa yana cikin akwatin Baba, washegari ya ce yana wajen ƙaninsa, rana ta uku da oga ya zaunar da shi ya sa aka kawo masa shayi, sai ya sunkuyar da kai ya ce gaskiya Alhaji yana wajen wani ɗan kasuwa, ya karɓi bashin miliyan 1 da dubu 200 lokacin jinyar mahaifiyarsu ya ajiye takardar a matsayin jingina.

Abin da na koya a nan har yau ina gaya wa duk wanda ya zo. Binciken fayil a KANGIS, hukumar da ke riƙe rajistar filayen jihar Kano, dole ne, lauya zai nema da lambar fayil, a ga sunan wa ke rajista, ko akwai jinginar banki da aka yi wa rajista, ko wani ya shigar da ƙorafi a kan filin, ko gwamnati ta soke mallakar, da bashin harajin ƙasa na shekara nawa ya taru. Amma rajista abin da aka kai mata kawai ta sani. Bashin da aka ci a shago tsakanin mutum biyu aka ajiye takarda a durowa ba zai taɓa fitowa a can ba, fayil zai fito fes alhali akwai mai jiran kuɗinsa. Alamarsa ɗaya ce, asalin takardar ba ta hannun mai sayarwa. In ka ji an ce ta ɓata ko gobara ta ci, to a nuna maka rahoton 'yan sanda da takardar rantsuwa ta kotu da abin da aka yi a ma'aikatar ƙasa a kan ɓatan, in babu ko ɗaya ka riƙe kuɗinka.

Sai maganar awo. Ta nemi hoton taswirar filin da lambobin duwatsun iyaka, ta ce kuma ita za ta biya safiyo nata ya je, ba na mai fili ba. Mun je da shi wata Asabar da safe. Duwatsu biyu na gaba suna nan da lambarsu a jikin siminti, na baya ɗaya ya karye, ɗayan kuma babu shi sam, katangar maƙwabci ta hau kan wajen. Ni da na saba in buɗe taswirar waya in ce ga filin nan, safiyon ya yi dariya ya ce waya takan yi kuskuren mita uku zuwa biyar ko a rana mai kyau, kuma tsofaffin taswirorinmu a kan ma'aunin Minna aka yi su, waya kuma wani ma'auni daban mai suna WGS84 take amfani da shi, in ka zuba lambobin kai tsaye ba ka juya su ba za ta iya kai ka filin wani can gaba ka tsaya kana ta murna. Da ya gama awo faɗin ya fito ƙafa 46 maimakon 50, tun daga gaba har baya. Ƙafa 4 sau 100, murabba'in ƙafa 400 ke nan cikin 5,000, kashi 8 cikin ɗari. A farashin miliyan 8 wannan naira dubu 640 ce ta shige ƙarƙashin katangar wani, kuma wanda ya saya shi zai gaji rigimar da maƙwabcin da zai zauna da shi har tsufa.

Sauran tambayoyinta gajeru ne, ko akwai shari'a a kan filin a wata kotu, ko an taɓa karɓar kafin alƙalamin wani, ko ruwa yana kwanciya a wajen da damina. Wannan ta ƙarshen mai shagon da ke kan kwana na tambaya, ya fi kowa sani.

Na ɗauka za ta fasa, ni kuma la'adata ta tafi. Sai ta ce tana son filin har yanzu, amma ga yadda za a yi. Farashi ya koma miliyan 7 da dubu 360 saboda ƙafa huɗun nan. Magada shida su je kotun shari'a a tabbatar da rabon kowa, kowa ya sa hannu a kan ya yarda a sayar, wadda take Gusau ta zo da kanta ko ta ba da wakilci a rubuce. Kafin alƙalami miliyan 1 da dubu 200 ne kacal, kuma ba a hannun babban wa za a sa ba, lauyanta zai je da shi shagon ɗan kasuwar, a ƙirga kuɗi a miƙo asalin satifiket a zama ɗaya, a cire kuɗin daga rabon wanda ya ci bashin sai dai in 'yan'uwansa sun yarda su ɗauka tare tunda jinyar uwarsu ce. Aka kuma rubuta cewa in binciken fayil ya fito da wata matsala za a dawo mata da kuɗinta cikin kwana talatin, takardar tana wajen lauya har sai an dawo da su. Da can ni rasit kawai nake rubutawa, "an karɓi kaza kafin alƙalamin fili", ba maganar ranar cikawa, ba maganar wa zai yi asara in ciniki ya rushe.

Abin ya ɗauki wata biyu da 'yan kwanaki, mai tayin da aka ce yana jira cikin sati ɗaya kuwa har yau ban gan shi ba. Ranar sa hannu ƙanwar ta Gusau ta zo da goyonta, ta zauna a bencin ofis tana juya takardar, sai ta kalli yayanta ta ce Yaya ashe har an yi wa filin Baba kuɗi? Shi dai bai ce komai ba. Oga ya miƙa mata biro, ta ce a karanta mata tukuna tun daga layin farko, ni aka ba na karanta.