Esin Mota Na Hura Zafi A Gosulo: Abin Da Muke Dubawa Kafin Mu Taɓa Gas

Daga ƙarshen Fabrairu zuwa Afrilu, lokacin da zafin Abuja ke kaiwa digiri 37 har ya ɗara, kusan duk motar da ta shigo garejinmu a Apo magana ɗaya mai ita ke zuwa da ita: "Malam, esi ya daina sanyi, a ƙara mini gas." Mu kuwa ba ma ɗauko tukunyar gas sai mun tambaye shi yaushe sanyin ke ɗaukewa. Idan ya ce a kan titin Kubwa yana gudu sanyi har ya yi yawa, amma da ya shiga gosulon Nyanya ko Mararaba sai iska ta koma ɗumi, to fankar kwandansa muke zargi tun kafin a buɗe bonet. In kuwa sanyin yana kamawa da safe, ya yi minti 15 ko 20, sannan ya ɗauke gaba ɗaya har sai mota ta huce, wannan halin kulocin kwamfireso ne. Ƙarancin gas kamanninsa daban: sanyi yana raguwa a hankali cikin makonni, ko ana gudu ko ana tsaye.

Matsalar fanka ita ce aka fi yi wa maganin da ba nata ba, shi ya sa zan fi tsayawa a kanta. Kwamfireso yana matse gas ya tura shi da zafi zuwa kwandansa, wato wannan siririn lagireto da ke gaban lagireton ruwa. A nan ne gas zai zubar da zafinsa ya koma ruwa-ruwa, sannan ya wuce cikin mota ya ba da sanyi. Iska ce kaɗai ke ɗauke wannan zafin. Mota na gudun kilomita 80, iskar hanya ta isa ko da fanka ta mutu. Da ta tsaya a layi, fanka ce kawai ke jawo iska, in babu ita gas ba ya hucewa, firesha ta yi ta hawa, sanyi ya tafi.

Mu ɗauki Honda Accord ƙirar 2003 zuwa 2007 mai silinda huɗu, wadda ta cika titunan garin nan. Tana da fanka biyu a bayan lagireto, kuma in an kunna esi duka biyun ya kamata su juya. Gas ɗinta R134a ne, giram 500 zuwa 550 take ɗauka, yana rubuce a takardar da ke manne ƙarƙashin bonet. Kafin a tayar da inji muna ɗaura geji, wato ma'aunin firesha, shuɗi a layi mai kauri, ja a siririn layi. A zafin digiri 35, motar da ta huce za ta nuna wajen psi 110 zuwa 115 a duka ɓangarorin. Wannan adadi yana gaya maka akwai gas a ciki, amma ba ya gaya maka ko ya cika, domin muddin akwai sauran ruwan gas a layi, rabin awo ma kusan hakan zai nuna. Mutane da yawa a nan suke ruɗuwa.

Sai a tayar da inji, a kunna esi, a sa iska a matakin ƙarshe, a riƙe inji a wajen juyi 1,500 a minti. Lafiyayyen esi a irin wannan zafi zai ba ka psi 30 zuwa 45 a shuɗi, ja kuma tsakanin 200 da 280, iskar da ke fitowa daga bakin tsakiya ta sauko ƙasa da digiri 10. Motar da fankarta ta mutu, minti biyu zuwa uku na farko za ta yi kamar lafiyarta ƙalau. Daga nan allurar ja ta fara tafiya, 300, 350, 400, ba ta tsayawa. Idan ta kusanci 450, makunnin firesha zai yanke wa kuloci wuta don kare kwamfireso, ka ji ƙas, firesha ta sauko, ya sake kamawa, ya sake yankewa. A nan muke yin gwajin da kowane mai mota zai iya gani da idonsa: a watsa ruwa a fuskar kwandansa. In allurar ja ta faɗo nan take kuma sanyi ya dawo cikin mota, magana ta ƙare, iska ce ba ta ratsawa. Gas bai yi laifin komai ba.

Amma fanka ba ta juyawa ba yana nufin a sayi sabuwa ba. Muna fara da fiyus, sannan rile. Hanya mafi sauƙi ita ce a musanya rilen fanka da wani irinsa sak da ke cikin akwatin fiyus, a ga ko za ta tashi. In ba ta tashi ba, a cire soket ɗinta a auna da mita ko bolt 12 na zuwa lokacin da esi ke kunne. Wuta na zuwa fanka ba ta motsi, to injin da ke juya fankar ne, galibi burushinsa ne ya cinye, shi ya sa wani lokaci in an ɗan bubbuga ta sai ta tashi ta yi kwana biyu. Wuta ba ta zuwa, sai a ba fankar wuta kai tsaye daga batir. In ta juya da ƙarfi, sai a bi waya da at, wato wayar da ke haɗe da jikin mota, a nemo inda ya tsinke ko ya yi tsatsa.

Akwai kuma fankar da ke juyawa amma ba ta aiki. Wata ta gaji, tana lilo a hankali. Wata kuma an canja ta an juya wayoyinta, tana tura iska gaba maimakon ta ja ta baya. Ɗora falle ɗaya na takarda a fuskar kwandansa: in fanka na ja daidai, takardar za ta manne. Kada a manta da ƙurar hunturu. Daga Disamba zuwa Fabrairu ƙura da ganye da leda suna taruwa a tsakanin kwandansa da lagireto, inda ido ba ya gani daga waje. Muna sassauta lagireto mu leƙa, mu wanke da ruwa marar ƙarfi daga baya zuwa gaba. Injin wankin mota mai ƙarfi yana kwantar da siraran haƙoran kwandansa, ya toshe hanyar iska fiye da yadda ƙurar ta yi.

Abin da ke ci mana tuwo a ƙwarya shi ne masu yawo da gwangwanin gas a bakin titi, ba geji ba sikeli. Mota mai mataccen fanka ta je musu, su ɗura gwangwani guda a kan cikakken awo. Firesha da ma tana sama, yanzu ta ƙara hawa, ƙarshenta tiyo ya fashe ko kwamfireso ya ƙone. Mafi muni su ne waɗanda, da sun ga kuloci na yankewa, sai su ja waya kai tsaye zuwa kwamfireso su tsallake makunnin firesha. Sun cire abin da ke kare injin ke nan. Aikin da zai tsaya a kan rile ko fanka ɗaya sai ya koma kwamfireso da kwandansa da direya da wanke layi gaba ɗaya, domin ɓarɓashin ƙarfe ya bi ko'ina.

Kuloci kuma maganaɗisu ne. In an ba kwayil, wato naɗin wayar da ke cikinsa, wuta, sai ya jawo farantin gaba ya manne da fulin da bel ke juyawa, kwamfireso ya fara aiki. Tazarar da ke tsakanin faranti da fuli a yawancin Honda da Toyota wajen rabin milimita ce, daga 0.35 zuwa 0.65. Da shekaru suka yi yawa faranti na cinyewa, tazarar ta buɗe zuwa 0.8 ko 1. Da sanyin safiya kwayil na da ƙarfin jawo shi, amma in ya yi zafi ƙarfinsa na raguwa, sai ya kasa. Yadda ake gane shi: lokacin da sanyi ya ɗauke, ka ga fuli na juyawa amma tsakiyarsa a tsaye, mita kuma ta nuna wuta na isa soket. Makanike zai ɗan taɓa farantin da ƙotar sukundireba, nan take ya kama. Wannan ba aikin mai mota ba ne, bel ɗin da ke gudu ba ya barin yatsa ko hannun riga. Gyaran shi ne a kwance ƙusar tsakiya, a zare faranti, a rage siririn wosha ɗaya daga bayansa, a mayar a auna da fila geji, wato ma'aunin tazara. Ba a ma buɗe layin gas. Kwayil ɗin kuma muna auna shi, om 3 zuwa 5 ne lafiyayye. In mita ba ta nuna komai ba ya ƙone. Nan ma rile na yawan yaudara, don haka shi ake fara musanyawa. Wasu sababbin motoci ba su da wannan kuloci, tsakiyar kwamfiresonsu kullum juyawa yake, bawul ne ke sarrafa shi daga ciki, su kuma da geji da kwamfuta ake bin su.

Sai an wanke fanka da kuloci daga zargi, kuma geji ya nuna ƙasa a duka ɓangarorin, misali 20 a shuɗi da 120 a ja, sannan muke cewa gas ya ragu. Esi ba ya shan gas kamar yadda inji ke shan mai, in ya ragu da yawa to akwai inda yake yoyo. Muna bin mahaɗai muna neman danshin mai da ƙura ta manne a kai, mu duba bawul ɗin ɗura gas, mu sa naitirojin da ruwan sabulu. Bayan an toshe, sai injin zuƙe iska ya yi minti 30, a rufe a jira minti 10 a ga ko allura za ta koma. A Abuja allurar tana tsayawa wajen inci 28, a Jos kuma da ke tudun mita 1,200 wajen 26 take tsayawa, wannan tsayin ƙasa ne, ba yoyo ba. Daga nan a ɗura gas bisa sikeli, daidai giram ɗin da takardar bonet ta faɗa, a mayar da man kwamfireso, wato PAG, gwargwadon wanda ya fita.

Gas ɗin ma sai an yi hattara. Kasuwa cike take da tukwane masu rubutun R134a amma an gauraya su da wani abu. Muna gwada kowace sabuwar tukunya: a bar ta ta kwana a inuwa, a auna zafin wurin, a ɗaura geji. A digiri 30, R134a na gaskiya yana nuna wajen psi 97. In ta nuna 130 ko 150, mu kan mayar wa mai ita. Shi ya sa in mai mota ya ce a wani wuri an yi masa rabin kuɗinmu, mu kan ce: "Ranka ya daɗe, tambaye su giram nawa suka ɗura, kuma a kan wane sikeli." Duk motar da muka gama, muna barin ta a tsaye cikin rana da esi kunne na minti 20, ma'aunin zafi a bakin iska, geji a ɗaure, mai ita na kallo, kafin mu miƙa masa makulli.