Alhajin da ba shi da wurin kwana

Ƙanwata ta rubuta littafin soyayya mai babi 24, duk da hannu a cikin kaye, ta kawo mini gida Zariya ta ce in duba kafin ta ba a buga. Labarin mutum uku ne. Rakiya ɗaliba ce a makarantar koyon aikin ungozoma, Lawali ɗan kabu-kabu ne da suka taso tare a unguwar Bagalam ta Maradi, sai Alhaji Issufu, ɗan kasuwa mai mata ɗaya da ya shigo neman aurenta. Hausar ta yi daɗi, hirarrakin masoyan ma ba laifi. Amma ina kaiwa tsakiya na ji labarin ya yi sanyi, kuma na riga na san wanda za ta aura.

Abin da na fara yi shi ne na ɗauki bik kala uku, kowane mutum da tasa. A ƙarshen kowane babi sai in tambayi kaina, wa ya yanke shawarar da ta jawo abin da ya faru a nan? In sa ɗigo da kalarsa a gefen shafi. Idan ba wanda ya yanke komai, haɗari ne ko ciwo ko wani ya tsinci waya, sai in bar wurin fari.

Kalar Alhaji ta fito da yawa, har na ɗauka shi ne rayayye a cikinsu. Da na duba inda ɗigon yake faɗawa sai na ga wani abu. Duk lokacin da Rakiya da Lawali suka shirya, a babi na gaba Alhaji zai faka mota a ƙofar gida da buhun shinkafa. Da sun ɓata, sai ya ɓace, wani lokaci babi 4 a jere ba labarinsa. Na kira ƙanwata na ce, "Wai shi Alhajin nan ina yake kwana in ba ki buƙatarsa?" Ta yi dariya ta ce, "Yaya, ai shi mugun labarin ne." Mugu ma yana da abin da ya tashe shi da asuba. Mutumin da zuwansa da tafiyarsa ke bin yanayin soyayyar wasu, marubuci ne ke aikensa.

Daga nan na koma gwaji na biyu, wanda ya fi amfani. Na cire Rakiya daga labarin gaba ɗaya, kamar ba a haife ta ba, na tambayi ƙanwata me kowane namiji zai yi ranar Litinin da safe. Kan Alhaji ta ce zai tafi kanti. Na ce ya je ya yi me, wa yake bi bashi, wa ke binsa, me ke hana shi barci? Shiru.

Labarin ta sa shi a 2019, don haka ba mu yi nisa wajen nema ba. A watan Agusta na shekarar Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, ba a buɗe ba sai Disamban 2020, kuma kowa a Maradi ya san abin da wannan ya yi wa masu sauke shinkafa daga Kwatano su tsallaka da ita ta Dan Issa zuwa Jibiya da Katsina. Muka mai da Alhaji ɗaya daga cikinsu. Sito cike da kayan da ya ɗauko bashi, hanya a rufe, shi kuma abin da ya fi tsoro a duniya a ce a kasuwa Issufu ya karye. Burinsa ke nan, ya tsare sunansa. Sai neman auren ya samu fuska biyu. Yana son yarinyar da gaske, kuma biki na kece raini a irin wannan lokaci zai rufe bakin masu cewa ya faɗi. Ɓacewarsa ta babi 4 ma ta samu dalili: yana Kwatano yana roƙon a ɗaga masa ƙafa. Buhun shinkafar da yake kai wa gidan su Rakiya kuwa, mai karatu yanzu ya san daga kayan da suka ƙi tafiya ne.

Wanda ya fi ba mu wahala Lawali ne, don shi ƙanwata take so. Da na yi mata tambayar Litinin ta amsa da sauri: yana tara kuɗi ya sayi moto nasa na kansa, ya daina kai wa mai moto jikka 2 kullum. Na ce ya sayi moto don me? Ta ce don ya samu ya auri Rakiya. To ai wannan soyayyar ce ta sake riga. Burin da in an cire yarinyar shi ma ya mutu, ba na mutumin ba ne. Yadda nake ganewa yanzu, sai in nemi wuri ɗaya a labarin da burin zai sa mutum ya yi abin da zai rage masa daraja a idon wadda yake so. In ba a samu ba, ba a ba shi komai ba tukuna.

Muka ba Lawali gonar ubansa da ke jingina a bakin Gulbi, wajen Tibiri, da wa'adin fansa kafin damina. Kuɗin da ya tara ba za su isa abu biyu ba, ko gona ko kayan sa rana. A babi na 15 ya fanshi gonar, bai gaya wa Rakiya ba sai daga baya. Ƙanwata ta ce masu karatu za su tsane shi. Wasu za su tsane shi, wasu kuma za su ce haka ɗan halak yake yi, kuma wannan gardamar ita ce littafin ya rasa tun farko.

Rakiya tana da buri a rubuce tun babi na 1, aikin ungozoma, amma bik ya nuna kalarta sau 3 kawai, duka wajen kuka da ƙin fita zance. Karatun ado ne, ba a taɓa ganin ya hana ta wani abu ba. Gyaran nata bai ɗauki lokaci ba. Muka sa za a tura ta aiki wani ƙauye a yankin Dakoro. Alhaji ba zai bar matarsa ta kwana a likita tana karɓar haihuwa ba, Lawali kuma ba zai bar gonar da ya fansa ya bi ta arewa ba. Da ta zaɓi wannan ko wancan, akwai abin da za ta ajiye, kuma hanya ta uku ta buɗe, ta ƙi su duka.

Akwai inda na tsayar da ƙanwata. Da abin ya yi mata daɗi sai ta rubuta babi 3 kan rigimar Alhaji da 'yan duwan, Rakiya ko sau ɗaya ba ta fito ba. Na ce ta rage su zuwa ɗaya. Burin kowa yana da hurumin shiga ne gwargwadon yadda yake taɓa sauran biyun. Yaron kantin Alhaji da ƙawar Rakiya kuwa na bar su yadda suke, ba kowa a littafi ke buƙatar gona a jingina ba.

Uwargidan Alhaji ce har yanzu ba mu gama da ita ba. A rubutun farko aikinta harara da zuwa wajen boka. Da muka yi mata tambayar Litinin, ƙanwata ta ce ai rabin jarin shinkafar nata ne, gwal ɗinta ta sayar ta ba shi. Ta koma da kayenta tana sake babi na 9.