Soket na caji ne kawai

Aikina ɗaukar bidiyo da sauti da tace su. Ni da yara biyu muke riƙe da ɗan kamfanin, kuma yawancin abin da ake kawo mana hira ce, sai lacca da gajerun tallace-tallace. Duk wanda ya zo koyon aiki wurina, doka ɗaya nake fara gaya masa tun kafin ya taɓa kyamara: duk na'urar da take rubuta wani abu a kan kati ko faifai, ba a jona ta kai tsaye da wutar bango. Soket na caji ne kawai. Aiki kuwa a kan batir ake yin sa, ko da akwai wuta.

Da tsada na sayi wannan doka. Wata rana muna ɗaukar hira da wani dattijo da aka sha wahala kafin ya amince ya zauna. Na ga an kawo wuta tun safe, sai na cire batirin kyamara na sa batirin bogi, wato wannan mai siffar batir da waya a jikinsa, na jona shi a soket don kada caji ya ƙare mana ana tsakiyar magana. Muna minti na 38 aka ɗauke wuta. Kyamara ta mutu nan take. Yarona ya dube ni ya ce, "Maigida, ai abin da aka ɗauka yana kan kati, ko?" Na ce masa yana nan, don ni ma haka na zata. Da muka sa katin a kwamfuta, ga fayil nan, nauyinsa ya kai gigabait 14, amma babu manhajar da ta yarda ta buɗe shi.

Dalilin ya cancanci a fahimce shi, don daga nan komai ya taso. Fayil ɗin MP4 ko MOV, a irin rubutun da kyamarori da yawa suke yi, hoto da sauti ne ake ta zubawa a kan kati yayin ɗauka, amma jadawalin da yake nuna inda kowane hoto ya fara da inda ya ƙare sai an danna tsayarwa ake rubuta shi. Idan wuta ta yanke kafin nan, kayan suna nan, jadawalin ne babu. Alamar ita ce wadda muka gani: fayil mai nauyi, ba ya buɗuwa, ba ya nuna tsawon lokaci. Akwai manhajojin gyara, irin su untrunc, waɗanda ake ba su lafiyayyen fayil da aka ɗauka da kyamarar nan a saiti iri ɗaya, su yi koyi da shi su sake gina jadawalin. Da haka muka ceto hoton, amma sautin ya riƙa zamewa daga bakin mai magana, sai da na kwana biyu ina daidaita shi da hannu da abin da rikodar sauti ta ɗauka. Ita rikodar ba ta mutu ba, saboda ƙananan batura ne a cikinta.

Tun daga ranar abu biyu suka zama mana ɗabi'a. Kafin a fara, muna ɗaukar daƙiƙa goma a saitin da za mu yi aiki da shi, mu bar shi a kan kati, ko da za a buƙaci samfurin gyara. Sannan ba ma barin kyamara ta yi ta gudu har awa guda. Duk bayan minti 15 ko kusa da haka, idan mai magana ya kai ƙarshen amsa, sai a tsayar a sake dannawa. Daƙiƙa biyu ne, rikodar sauti kuma ba ta tsayawa, don haka babu kalmar da take ɓacewa. Wanda yake ɗauka ta kwamfuta da manhajar OBS, ya zaɓi nau'in fayil na MKV, domin shi idan aka yanke shi abin da aka riga aka rubuta yana buɗuwa, daga baya sai a juya shi zuwa MP4.

Sai maganar fawa banki, inda na ga mutane suna yawan ruɗuwa da lambar da aka rubuta a jiki. Idan ka ga 20000mAh, lissafin a kan ƙarfin batirin ciki aka yi shi, wato folt 3.7. Abin da zai yi maka amfani shi ne Wh, wato wat nawa zai iya bayarwa na tsawon awa guda, kuma ga yadda ake fitar da shi:

```
20000 × 3.7 ÷ 1000 = 74 Wh
```

Wannan 74 ɗin ma ba duka za ka samu ba. Wajen ɗaga wutar zuwa abin da na'ura take so, wani kaso yana tafiya a zafi, don haka ni 60 nake ɗauka in yi lissafi da shi, idan kuma fawa bankin ya tsufa in ƙara ragewa. Kyamarata tana cin kusan wat 8, ke nan za ta yi awa bakwai a kansa. Laftof ɗina kuwa idan ina tacewa yana cin wajen wat 40, wato awa ɗaya da rabi ke nan, idan kuma ana fitar da bidiyo ya hau wat 60, awa ɗaya ce tak. Abu ɗaya, amma wa kyamara yini ne, wa laftof ɗan taƙi. Shi ya sa babba nake ware wa laftof, kuma dole ya zama mai USB-C PD, wato tsarin caji mai ƙarfi, da zai iya ba da folt 20. Wayar caji ma tana da nata: wadda ba ta kai ba tana tsayawa a wat 60, sai ka ga laftof yana nuna alamar caji amma batirinsa yana raguwa a hankali.

Akwai halaye biyu na fawa banki da ba a rubuta su a kwali. Na farko, da yawansu suna kashe kansu idan abin da aka jona ba ya jan wuta sosai, suna zaton an gama caji. Ƙaramar rikodar sauti ko risibar makirufo na iya faɗawa wannan tarko. Wasu suna da yanayin ƙaramar wuta da ake shiga ta danna maɓalli sau biyu, amma ni ban dogara da shi ba, batura nake bari a cikin na'urar ko da tana kan fawa banki. Na biyu, idan kana cajin fawa banki kana kuma jan wuta daga gare shi, lokacin da wutar bango ta tafi ko ta dawo wasunsu suna ɗan ƙiftawa. Ƙiftawar ba ta kai daƙiƙa ba, amma ta isa ta kashe kyamara mai batirin bogi. Gwajin ba wuya: jona komai, danna ɗauka, sannan ka zare caja daga bango ka mayar sau biyar. Ba na fita aiki da sabon fawa banki sai ya ci wannan jarrabawa. Idan kyamara tana karɓar wuta ta USB-C alhali batirinta yana ciki, wannan ya fi batirin bogi nesa ba kusa ba, domin ko wani ya taka waya ya fizge ta, ɗauka ba za ta tsaya ba.

A wajen haske, abin da na fi so in gaya wa kowa shi ne a kashe ƙwan ɗakin tun kafin a saita kyamara. Idan ka haɗa hasken ƙwan bango da na fitilunka ka daidaita launi a kansu, da zarar an ɗauke wuta fuskar mai magana za ta sauya launi a tsakiyar jimla, inuwa ta koma wani gefe, kuma gyaran wannan a wajen tacewa azaba ne. Idan da fitilun batir kaɗai ka saita, wuta ta tafi ko ta dawo, hoton bai san an yi ba. Haka nake kashe fanka da firij idan suna kusa, saboda ƙararsu tana shiga sauti, kuma yankewarta farat ɗaya ta fi ƙarar kanta fitowa a kunne.

Fitilunmu na LED masu cin batirin NP-F970 ne, wanda yake ɗauke da kusan 47Wh idan na kirki ne. Fitila mai wat 20 za ta yi awa biyu da ɗan kai a cikakken haske. Ina matso da ita kusa da mutum in rage ta zuwa kashi biyu cikin uku, sai ta kai ni awa uku. Fitilar caji ta gida kuwa na daina sa ta a gaban kyamara. Haskenta yana dushewa a hankali yadda ido ba ya lura, sai ka ajiye minti na farko kusa da na arba'in a kwamfuta ka ga bambanci. Wasu kuma idan aka rage su suna ƙyaftawa da sauri, sai ratsi-ratsi su riƙa gangarowa a hoto. Kafin ka saya, rage fitilar zuwa ƙasa ka dube ta ta allon kyamara.

Idan an dawo ofis, kati ba ya shan goge sai abin da ke kansa ya zauna a wuri biyu daban, kuma an buɗe fayilolin an ja su zuwa ƙarshe an ga suna tafiya. Ganin suna da nauyi bai isa ba, na riga na ga fayil mai gigabait 14 da ba ya buɗuwa. Faifan da nake aiki a kansa daga laftof yake shan wuta, don haka batirin laftof yana kare su duka biyun. Babban faifan ajiya mai jona bango kuwa ba na kunna shi sai a bayan UPS, na'urar da ke ci gaba da ba da wuta daga batir idan an ɗauke, shi ma don a kwafa a cire. Ƙaramin UPS mai batirin folt 12 ba don a ci gaba da aiki aka yi shi ba, mintunan da yake bayarwa na adanawa ne da kashe na'ura cikin natsuwa. Faifan da aka tsara a tsarin ajiyar fayiloli na exFAT ya fi saurin rikicewa idan aka yanke shi yana rubutu, domin ba ya riƙe da rajistar abin da yake cikin yi, saboda haka ko da gaggawa sai an danna Eject an jira.

Adanawa ta atomatik na sa ta duk minti biyar, amma hannuna ya saba da Ctrl+S bayan kowane yanka mai muhimmanci. Kuma ba na yini a kan fayil ɗin aiki guda. Idan na'ura ta mutu daidai lokacin da take adanawa, fayil ɗin da kake ta dannawa a kansa shi ne zai lalace. Don haka duk bayan awa biyu nake sabon suna:

```
hira_2024-03-12_v01
hira_2024-03-12_v02
```

Fitar da bidiyo shi ne inda laftof ya fi jan wuta, kuma shi ma idan ya yanke daga farko za a sake. Kafin in danna, ina duba lokacin da manhaja ta ƙiyasta, in ninka shi biyu, in tambayi kaina ko batirin laftof da fawa banki za su kai haka ba tare da bango ba. Idan ba za su kai ba, sai in raba aikin gida uku ko huɗu, in fitar da kowanne daban, in haɗa su daga baya. Laccar awa biyu da muka gama a makon jiya haka ta fita, kashi huɗu, kuma an ɗauke wuta muna cikin na uku.