Wasiƙar ajiye aiki: abin da nas za ta kula da shi kafin ta tafi ƙaro karatu

Ƙannena da ke aikin jinya a Kaduna, duk shekara in takardun shiga makaranta suka fito, sai in ga wasunku sun zo mini da wasiƙar ajiye aiki a hannu, wai in duba musu Turancin. Turancin bai taɓa damuna ba. Abu biyu nake nema a cikin takardar: ranar da kika ce ita ce ta ƙarshe, da hanyar da takardar za ta bi ta isa fayil ɗinki. A nan ne na yi tuntuɓe lokacin da na samu gurbin digirin jinya a Jami'ar Ahmadu Bello, kuma a nan ne nake ganin yawancinku kuna yi.

Tukuna dai, ki tabbata ajiye aikin ya zama dole. Idan a asibitin gwamnati kike kuma an tabbatar miki da aikinki, akwai hutun ƙaro karatu, mai albashi da marar albashi. Mai albashin yakan zo da yarjejeniyar cewa za ki dawo ki yi wa gwamnati aiki na wasu shekaru. Marar albashin kuwa, ko ba komai gurbinki na nan yana jiranki. Kwas na ƙwarewa kamar na jinyar ido a Cibiyar Ido ta Ƙasa, ko na kunne, hanci da maƙogwaro a Cibiyar Kunne, ko na taɓin hankali a Barnawa, duk a nan cikin Kaduna suke kuma ba dogaye ba ne, bai kamata ki saki aiki saboda su ba tun ba ki nemi hutu a rubuce ba. Ni ban nema ba. Wata abokiyar aiki ce ta ce mini ai ba sa bayarwa, na ɗauka, alhali ita ma ji ta yi a bakin wata. Ki nema, a hana ki a takarda, sannan ki yi maganar tafiya.

To, an hana ki, ko kuma asibitin kuɗi ne da ba su san wannan tsarin ba. Ɗauko takardar ɗaukarki aiki ki karanta wurin da aka faɗi tsawon notis. A aikin gwamnati abin da aka saba shi ne wata guda, ko ki biya albashin wata guda a madadinsa. Asibitocin kuɗi kowa da nasa. Daga nan sai ki yi lissafi da baya. A ce makaranta ta ce a hallara ranar 3 ga Nuwamba. Kina son ki gama aiki 31 ga Oktoba. Ke nan takardarki ta shiga ofis, a buga mata hatimi, kafin Satumba ta ƙare. Ki lura, kwanakin suna fara ƙirguwa ne daga ranar da aka karɓa, ba ranar da kika zauna a gefen gado kika rubuta ba. Kuma in kina da sauran hutun shekara, ki ci abinki tun kafin ki miƙa takardar, don a ƙa'idar aikin gwamnati wanda ya ajiye aiki yana iya rasa hutun da bai ci ba.

Ni abin da na rubuta shi ne na ajiye aiki daga yau. Na ninke takardar na ba shugabar ɗakinmu da safe bayan na sauka daga dutin dare. Ta karɓa tana tsaka da zagayen likitoci, ta cusa a cikin littafin rahoto, ta ce, “Allah ya ba da sa'a, 'yata.” Na ce, “Amin, Mama,” na kama hanyar Zariya. Sunana yana kan rosta har ƙarshen watan, da dutin dare a ciki, wasu ne suka yi ta cike mini gurbi suna guna-guni. Takardar kuwa ba ta taɓa isa fayil ɗina ba. A wurin ofis, ni ma'aikaciya ce da ta daina zuwa aiki babu izini, kuma wannan babban laifi ne da kan kai ga kora. Albashi ya ci gaba da shigowa na ɗan lokaci, ni kuma na ɗauka haƙƙina ne ake ƙarasa biya. Sai da na dawo neman takardar shaidar aiki aka buɗe fayil, na tarar da takardar tuhuma da ban taɓa gani ba. Kuɗin nan kaf na mayar kafin kowa ya sa mini hannu.

Saboda haka ki rubuta wa shugaban asibiti, ko hukumar da ta ɗauke ki, ta hannun shugabar sashen jinya, ta hannun shugabar ɗakinku. Kowacce ta sa hannu. Ki yi kwafi biyu, ki kai ofishin rajista da ƙafarki, ki tsaya a gaban ma'aikacin har ya buga hatimi da kwanan wata a kan naki kwafin. In ya ce ki bari zai buga anjima, ki ja kujera ki zauna. Ki ɗauki hoton kwafin a waya, asalin kuma ki adana shi tare da lasisinki. Kada ki tafi sai kin ji labarin amsa, domin takardar amincewa da ajiye aikinki ita ce za a tambaye ki ranar da kika nemi komawa aikin gwamnati.

Ita kanta wasiƙar, da Turanci ake yinta, kuma rabin shafi ya isa. Cikakken suna, muƙami, lambar fayil, ɗakin da kike. Jimla ɗaya da ke cewa kina ba da notis na wata guda kuma ranarki ta ƙarshe 31 ga Oktoba. Jimla ɗaya kan dalili, wato kin samu gurbin karatu, ga kwafin takardar a haɗe. Sai alkawarin miƙa komai kafin ranar, da godiya a taƙaice. Kada ki zuba ƙorafinki a ciki. Na san akwai daren da kika kwana ke kaɗai da ɗaki cike, na san alawus ɗin da ba a biya ba. Amma fayil ba ya mantuwa, kuma matiron ɗin da kika caccaka ita ce makaranta ko majalisar nas da ungozoma za ta iya nema ta yi shaidarki. Kaduna kuma ba ta da girman da kike zato, gobe kina iya dawowa horon ɗalibai ki tarar da ita a bakin ƙofa.

Watan notis ɗin, ki yi shi da gaske. Ki sanar da shugabar ɗaki da baki tun kafin a tsara rostar wata mai zuwa. Idan makullin akwatin magunguna masu haɗari yana hannunki, ku ƙirga da wadda za ta karɓa, kwalba-kwalba, ku gwada da abin da littafi ya nuna, ku sa hannu ku biyu da kwanan wata. Allurar fetidin ɗaya ta ɓace bayan tafiyarki, sunan wadda ba ta nan za a fara kira. Sannan ki bi takardar sallama sashe-sashe: sito, ofishin kuɗi, gidan ma'aikata in kina ciki, da ƙungiyar adashin ma'aikata in kin ci bashi, don masu tsaya miki za a fara yanka wa albashi. Lambar asusun fanshonki taki ce har abada, ki rubuta ta a inda ba za ta ɓata ba, da ita sabon wurin aiki zai ci gaba da zuba miki. Lasisi kuma yana da wa'adi, ki duba ranar ƙarewarsa yanzu, in zai mutu kina makaranta ki sabunta shi tun albashi na shigowa.