Gwajin RESET ya ce akwai lanƙwasa, amma bai ce a ina ba

Bayanan da na yi aiki da su na gonakin hatsi ne daga ƙauyukan Mirriya da Matamai, na zauna da su a Damagaram ina neman sanin abin da kilo ɗaya na takin zamani ke ƙarawa a amfanin hekta guda. Lissafin farko miƙaƙƙen layi ne: amfanin gona a gefe ɗaya, taki da ruwan sama da girman fili a ɗaya gefen. Irin wannan layi yana ɗauka cewa kilo na farko da kilo na sittin amfaninsu ɗaya, abin da ko yaron manomi ba zai yarda da shi ba.

Gwajin RESET da Ramsey ya fitar a 1969 don duba ko layin miƙaƙƙe ne da gaske dabararsa mai sauƙi ce. Ka ɗauki hasashen da lissafinka ya bayar, ka ninka shi a kansa, ka sake ninkawa, ka mayar da su cikin lissafin, sannan ka duba da gwajin F ko sun ƙara wani bayani. In layin miƙaƙƙe ne da gaske, ba su da abin faɗa. A manhajar lissafi ta Stata, `estat ovtest` yana yin haka da ninki na 2 da na 3 da na 4. Ni da hannu na yi, saboda gonakin da suka sha taki amfaninsu ya fi warwatsuwa, gwajin F na yau da kullum kuwa yana ɗauka cewa warwatsuwar ɗaya ce ko'ina.

```
reg amfani taki ruwa fili
predict yh, xb
gen yh2 = (yh/1000)^2
gen yh3 = (yh/1000)^3
reg amfani taki ruwa fili yh2 yh3, vce(robust)
test yh2 yh3
```

Rabawa da 1000 don kada lambobin su kumbura ne kawai, ba ta canza sakamako. Shi kansa `yh` ba a sa shi, domin daga taki da ruwa da fili aka haɗa shi, Stata jefar da ɗayansu zai yi. Da gonaki sama da 200 da ƙari biyu, iyakar F a matakin kashi 5 cikin ɗari tana kusa da 3. Nawa ya wuce ta nesa.

Nan ne aikin ya soma. Gwajin ya cakuɗa komai cikin hasashe guda, don haka bai san ko taki ne ya lanƙwashe, ko ruwa, ko kuwa tasirin taki ne ke canzawa da yawan ruwa. Wasu sukan ninka kowane abu a kansa har gwajin ya yi shiru. Ban ga hikimar hakan ba, domin mai gwada siffa goma ba ya rasa wadda za ta wuce bisa sa'a. Na zana ragowar lissafin, wato bambancin ainihin amfanin gona da hasashe, a kan kowane abu ɗaya bayan ɗaya. A kan fili babu siffa. A kan taki kuwa ragowar ta yi doro: ƙasa da sifili a farko, sama a tsakiya, ta sake sauka a ƙarshe. Wannan ya dace da abin da malaman gona suka sani, cewa ƙarin taki ribarsa raguwa take yi. Shi ya sa taki kaɗai na ninka.

```
reg amfani c.taki##c.taki ruwa fili, vce(robust)
margins, dydx(taki) at(taki=(20 60))
```

Bari in nuna karatunsa da lambobi masu sauƙi. A ce taki ya fito da 6, ninkinsa da -0.03. Ribar ƙarin kilo ɗaya ita ce 6 a cire 0.06 sau yawan takin: a kilo 20 tana 4.8, a kilo 60 ta koma 2.4. Lambar 6 ita kaɗai tana magana ne a kan gonar da ba ta ga taki ba sam. Ƙololuwar lanƙwasar, wato -b1/(2·b2), inda b1 ce lambar taki, b2 kuma ta ninkinsa, tana kilo 100. To gonaki nawa suka kai can? In ƴan kaɗan ne ko babu, ba ka da hurumin cewa taki yana rage amfani bayan kilo 100. Siffar lissafin ce ta tilasta saukowar, bayanan ba su nuna ta ba. A nawa haka ya kasance, kuma da na cire manyan gonaki masu taki da yawa na sake gudu, alamar ninkin ba ta juya ba, sai na bar shi. Da ta juya, da na gwada logaritim, wanda yake lanƙwasa ba tare da saukowa ba, ko da yake gonakin da takinsu sifili ne sukan faɗi daga lissafin.

Da na maimaita RESET a kan sabon lissafin, F ya sauko ƙasa da iyaka. Stata yana rubuta `Model has no omitted variables` a kan gwajinsa, amma kada wannan ya ruɗe ka. Ba ni da bayanin ingancin ƙasa, kuma manomi yakan zuba taki ne inda ya ga ƙasar za ta biya shi. In alaƙar ƙasa da taki miƙaƙƙiya ce, RESET zai wuce lafiya lau alhali lambar takin ta haɗiye tasirin ƙasar. A rahoton sai na rubuta ribar taki tsakanin kilo 0 da 60 kawai, na kuma bayyana cewa ba a auna ƙasa ba.