Takardar ajiye aikina ta kwana a durowa, ni na biya kuɗin kwananta

Ban so ajiye aiki ba. Hutun karatu na fara nema, domin shi ne ke bar wa nas kujerarta da shekarun aikinta har ta dawo. An riga an tabbatar da ni a aiki, na kuma cika sharaɗin shekaru, amma aka ce sai layi ya zo kaina, tunda mu kaɗan ne a ɗakin haihuwa kuma akwai waɗanda suka riga ni nema. Ni kuwa ga takardar samun gurbi a Jami'ar Bayero a hannuna, ta hanyar shiga kai tsaye da JAMB ke ba mai rajistar nas, aji biyu, shekara huɗu kafin digiri. Gurbi ba ya jiran layin kowa. Shi ya sa na rubuta takardar ajiye aiki daga babban asibitin wata ƙaramar hukuma a gabashin Jigawa.

Rubuta ta bai ba ni wahala ba. Da Turanci ake yi, kuma shafi ɗaya ya isa: suna, lambar fayil, matakin albashi, sashen da nake, dalilin tafiya a jimla ɗaya, sannan ranar da notis ya fara da ranar da zan yi dutin ƙarshe. Na sa 2 ga Satumba, na ce zan tafi 2 ga Oktoba, saboda ƙa'idar aikin gwamnati ita ce notis na wata guda ko kuma ki biya albashin wata guda a madadinsa. Na yi godiya a layi biyu. Ban sa ƙorafin dutin dare ko na rashin kayan aiki ba, ko da yake suna cina, domin takarda ce da za ta zauna a fayil ɗina har bayan kowa ya manta da ni.

Takardar ba ga asibiti take ba. Asibiti wurin da aka turo ni ne kawai, wanda ya ɗauke ni aiki yana hedikwata. Don haka a saman takarda sunan ofishin da ya ba ni takardar kama aiki nake sawa, a ƙasa kuma "ta hannun" shugaban asibiti, "ta hannun" shugabar nas-nas. Kowannensu zai sa hannu ya tura gaba. Duk wannan na yi shi daidai. Na kai wa Metron, wato shugabar nas-nas, da hannuna, ta karanta, ta ce, "'Yata, Allah Ya ba da sa'a, bar ta a nan, zan sa hannu in tura." Na ce, "Na gode, Mama." Matar da ta koya mini karɓar haihuwar da ta zo da gindi, ba zan iya buɗe baki in ce ta buga mini hatimi a kwafina ba.

To a nan aka yi ta. Takardar ta shiga durowa, Metron ta tafi wani taron horaswa, daga nan ta zarce hutu. Wadda ta riƙe mata ofis ba ta san da ita ba. Na yi wata gudana cif, na miƙa aiki, na tafi Kano. A idon hedikwata kuwa ban ajiye komai ba, ma'aikaciya ce da sunanta yake kan jerin albashi.

Alamar ta zo mini a waya, ban gane ta ba. Ƙarshen Oktoba albashi ya shigo cikakke. Na ɗauka ragowar wani haƙƙi ne, na biya kuɗin ɗaki da shi. Da na Nuwamba ya sake shigowa sai cikina ya ɗuri ruwa. Albashin da ya shigo bayan ranar tafiyarki ba alheri ba ne, shaida ce cewa takardarki ba ta isa ba. Kafin in farga, an zo tantance ma'aikata, ba a same ni a rosta ba, aka rubuta cewa na bar wurin aiki ba izini. Wanda ya san aikin gwamnati ya san nauyin wannan magana: babban laifi ne da kan kai ga kora, kuma wanda aka kora daga aikin gwamnati da wuya a sake ɗaukarsa. Ni da na tafi karatu don in dawo in yi wa jiharmu aiki.

Da na je hedikwata, jami'in da ke riƙe da fayil ɗinmu bai yi mini faɗa ba. Tambaya ɗaya ya yi: "Sista, ina kwafinki mai hatimin karɓa?" Na miƙa masa kwafi fari tas, ba hatimi ba sa hannu. Ya ce, "Wannan ai ko jiya za ki iya buga ta." Gaskiya ya faɗa, kuma har yau in na tuna sai raina ya sosu, domin na yi watan nan ina dutin dare da zuciya ɗaya, ina ganin na fita hakkin kowa.

Abin da ya cece ni shi ne takardar miƙa aiki. Ranar da zan tafi na rubuta komai: makullan kabad ɗin magunguna masu tsauri, adadin allurar fetidin da ta rage daidai da abin da ke cikin littafi, kwalaben oksitosin da ke firji, na'urar gwada hawan jini, almakasai da sauran kayan karɓar haihuwa. Ni da wadda ta karɓa muka sa hannu, da kwanan wata. Wannan ta nuna ba gudu na yi ba. Metron kuma, Allah Ya saka mata, da ta dawo ta zaƙulo takardar ta rubuta a kai cewa 2 ga Satumba ta karɓa. Aka soke maganar barin aiki ba izini. Amma albashin wata biyu sai da na mayar asusun gwamnati na kawo rasit kafin a ba ni takardar amincewa da ajiye aikina, alhali rabinsa ya riga ya tafi a haya da littattafai. Yayana ne ya sayar da buhunan riɗi ya cike mini.

Duk 'yar'uwar da za ta bi wannan hanya, ki buga kwafi uku. Ki fara kai ta ofishin rajista na asibiti, a buga hatimin karɓa da kwanan wata a kan naki kwafin, sannan ki je wurin Metron ki yi mata sallama irin ta 'ya da uwa. Haka kin kiyaye girmanta kin kuma kiyaye kanki. Bayan mako biyu ki bincika hedikwata da kanki ko ta iso, kada ki tsaya a kan "an tura". Kuma kada ki ɗauka kin gama sai takardar amincewa ta shigo hannunki, mai ɗauke da ranar da aikinki ya ƙare. Ita ce za a nema duk ranar da kika sake neman aikin gwamnati.

Kafin ki sa hannu ma, ki duba ko akwai yarjejeniyar da kika shiga lokacin da gwamnati ta ɗauki nauyin karatunki na farko. In shekarun da kika yi alkawari ba su cika ba, za a nemi ki biya. Ki kuma je ofishin fansho ki ji matsayin abin da aka yanka miki, domin ajiye aiki daban, ritaya daban. In kuwa kuɗi ya shigo bayan kin tafi, kada ki taɓa ko sisi, ki rubuta wa sashen albashi a ranar, shi ma ki karɓi kwafinki da hatimi.