Ashe ba cajar waya ba ce ke cinye mana kiredit

Watan da ya wuce na kusa yin faɗa da yarana a kan cajar waya, kullum ina tsawa a cire caja daga bango, saboda kiredit ɗin mitar firifed ɗinmu a nan Aboabo baya kai ƙarshen wata. Ranar da muka kwana biyu a Accra wajen biki muka dawo na ga yunit ya ragu fiye da abin da firij kaɗai zai ci, sai uwargida ta ce, "Malam, to yanzu aljanu ne suka kalli talabijin?"

Wani maƙwabcinmu mai gyaran wuta ne ya nuna min dabara, ko kwabo ban kashe ba. A gaban mita akwai 'yar jar fitila mai ƙiftawa, kusa da ita an rubuta lamba, tawa 1600 imp/kWh ce, wato sai ta ƙifta sau 1600 ka ci yunit ɗaya. Ka ɗauki 3,600,000 ka raba da lambar mitarka, ni ya ba ni 2,250, sannan ka raba wannan da sakan nawa ne tsakanin ƙiftawa ɗaya da ta gaba, abin da ya fito shi ne wat ɗin da gidan ke ja a lokacin. Ka duba taka lambar fa, mitoci ba ɗaya suke ba.

Gwajin farko shirme na yi, na bar firij a kunne, ina cikin ƙirga injinsa ya tashi fitila ta hau ƙiftawa da sauri. Sai da na cire shi, na kashe fankoki da ƙwayaye, na bar komai na falo a jone yadda muke barinsa da dare, an kashe da rimot kawai. Na tsaya da agogon waya, sakan 60 daidai. 2,250 raba 60, wat 37.5 kenan, kuma ba abin da ke aiki a gidan wallahi, shiru kake ji.

Daga nan na fara zare su ɗaya bayan ɗaya, ƙaramin yarona yana cikin falo ina waje ina kwaɗa masa kira. Ya zare sitabilaiza ɗin talabijin, na mayar da sauran kayan kai tsaye a bango, tazara ta koma sakan 90, wat 25. Kenan wannan akwatin shi kaɗai wat 12.5 yake ci, dama tiransifoma ce a cikinsa, ko ba a jan komai tana ɗumi tana ɗan gunji. Dikoda ya ci wat 10, shi kam kashe shi da rimot kusan rufe ido ne kawai, yana nan yana ba wa kan dish wuta yana jiran sigina. Tsohuwar wufa wat 7.5. Abin da ya rage, wat 7.5 ɗin ƙarshe, shi ne rautar intanet da agogon maikurowef da talabijin da cajoji huɗu gaba ɗaya, kuma rauta ce ta kwashe mafi yawa. Cajojin da nake ta hayaniya a kansu na zare su duka ban ma iya gane bambanci a fitilar ba. Na ji kunya gaskiya.

Lissafin shekara ba wuya, awa 8,760 ne a shekara, duk wat ɗaya da ya kwana ya wuni a jone yunit 8.76 ne. Nawa 37.5 ya kama yunit 328 da ɗoriya. Kuɗin yunit yana canzawa kuma ya danganta da yawan abin da kake ci a wata, don haka ka raba kuɗin da ka biya kamfanin wuta na ECG da yunit ɗin da ka samu, amma a ce sidi 2 ne don sauƙi, sama da sidi 650 kenan. Sai dai ba duka zan ceto ba, ai muna kallo da yamma. Sitabilaiza da dikoda da wufa, ukun nan wat 30 ne, in sun huta awa 18 a rana yunit 197 ne a shekara, kusan sidi 400.

Abin da na yi shi ne na haɗa ukun a ekstenshon ɗaya mai makunni, wanda ya tashi daga kallo a ƙarshe ya danna. Rauta na ƙyale ta don ba zan iya da ƙorafin 'yan mata ba. Damuwar kawai dikoda sai ya ɗauki lokaci kafin hoto ya fito, ranar ƙwallo sai an kunna da wuri. Yanzu in na shiga gidan ɗan uwa hannuna ke fara kaiwa kan dikodansa, in na ji ɗumi alhali an ce a kashe yake na san yana ci. Ranar gwajin kuwa na manta ban mayar da firij ba sai bayan magariba, kifin uwargida ya saki ruwa, har yau in an taɓo maganar wuta sai ta tuna min.